Yadda ake saita alam na shan magani a wayar tsoho mai shan ƙwayoyi da yawa kullum

Kafin ka taɓa waya ma, fara kwaso ledar maganin nan gaba ɗaya ka zazzage ta a kan tabarma, harda katin asibiti da 'yan ambulan ɗin da ake zubo ƙwaya a ciki. Yawancin masu saita wa iyayensu alam suna yin kuskure ne tun daga nan, sai su ce ai magani biyar ne to bari a sa alam biyar ko shida, kowane magani da nasa. Wayar sai ta wuni tana kuka, kwana biyu tsohuwa ta gaji ta ce kai ku raba ni da wannan abu, ko ta koyi kashewa ba tare da ta ko duba ba. Lokutan sha ake ƙirgawa, ba ƙwayoyi ba. In duka magungunan za su taru a lokaci biyu ko uku a rana, to alam biyu ko uku kenan, shikenan.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi har ƙarshe don abin ya fi zama. A ce Hajiya ce mai hawan jini da ciwon suga, wanda shi ne haɗin da aka fi gani a gidajenmu, kuma likita ya rubuta mata amlodipine 10mg sau ɗaya a rana, lisinopril 10mg sau ɗaya, glimepiride 2mg sau ɗaya, metformin 500mg sau biyu, sai atorvastatin 20mg da dare. Magani biyar, ƙwaya shida a rana. Wannan misali ne kawai fa, kar wani ya kwafa ya ce haka za a ba nasa tsohon, kowa da abin da likitansa ya rubuta.

A katin za ka ga wasu 'yan gajerun rubutu irin na likitoci. od ko dly sau ɗaya a rana kenan, bd sau biyu, tds sau uku, nocte kuma da dare. A jikin ambulan wani lokaci su rubuta 1-0-1, ma'ana ɗaya safe, babu da rana, ɗaya dare. Samu takarda ka rubuta kowane magani da sau nawa ake sha, sannan ka ɗauki takardar da ledar ka je wajen mai haɗa magani na asibitin ko famasi mai rajista ka yi masa tambaya uku: wanne ake sha da abinci, wanne da wanne za a iya haɗawa lokaci guda, sannan in an manta an tsallake ɗaya ya za a yi. Rubuta amsar a takardar nan take don wallahi kafin ka iso gida ka cakuɗa su.

A misalinmu ga yadda zai kasance. Metformin da abinci ake shansa ko da an gama ci, saboda a cikin da ba komai yana tada zuciya ya sa gudawa. Glimepiride kuma daf da karin kumallo ko tare da shi, kuma shi ne mai hatsarin cikinsu, in aka sha ba a ci komai ba suga na iya faɗuwa ƙasa sosai. Na hawan jinin biyu ba ruwansu da abinci, abin da ake so dai a riƙa shansu lokaci ɗaya kullum. To kaga da safe ƙwaya huɗu sun haɗu a wajen karin kumallo, da tuwon dare metformin na biyu, sai atorvastatin kafin kwanciya. Alam uku. In ma ka tambaya, da yawa za su ce maka atorvastatin ana iya haɗa shi da na tuwon dare ya zama alam biyu kacal, amma su za su faɗa ba kai za ka yanke ba.

Sai zaɓen lokaci, kuma a nan nake so a tsaya a yi tunani. Kar ka zauna a Abuja ko Legas ka ce bari a sa ƙarfe 6 na safe don Hajiya na tashi da asuba. Eh tana tashi, amma ƙarfe nawa koko da ƙosai ke isowa gabanta? In sai 8 ake karyawa a gidan, alam ɗin 6 zai sa ta sha glimepiride ta koma ta kwanta da cikinta wayam har awa biyu, wannan kuma neman magana ne. Tambayi wadda ke girki a gidan, ita ta san gaskiyar lokacin abinci, ba mai gida ba. Haka na dare, kar ka sa shi ya faɗa daidai lokacin da ake sallar magariba ko isha'i, in Baba ne yana masallaci wayar na kuka a aljihu zai kashe ta cikin sauri kuma ya manta. Ka tuna kuma lokacin sallah yana motsi cikin shekara, magaribar hunturu daban da ta damina, shi kuwa alam inda ka ajiye shi nan yake, to ka ba da 'yar tazara. Mu ce mun tsaya a 8:00 na safe, 7:30 na dare, da 9:30 na dare.

Yanzu ɗauko wayar. A Tecno ko Infinix ko itel ko Samsung ko Redmi duk akwai manhajar agogo da ta zo da wayar, sunanta Clock. Ita nake ba da shawara a yi amfani da ita, ba sai ka sauko da wata manhaja ta musamman ba. Dalili, ba ta buƙatar data, tana ƙara ko wayar na sailen a yawancin wayoyi, kuma tsarin wayar ba ya kashe ta don tattalin caji kamar yadda yake yi wa manhajojin da aka sauko da su.

Abu na farko duba agogon wayar kansa daidai yake? Shiga Settings ka nemi Date & time, ka kunna wanda ke cewa wayar ta saita lokaci da kanta, yawanci an rubuta Set time automatically ko Automatic date and time. A wurin kuma akwai Use 24-hour format, ni dai ina kunna shi, saboda rabin rikicin alam daga AM da PM yake fitowa, mutum ya sa 7:30 AM alhali na dare yake nufi. In ka kunna, 7:30 na dare zai koma 19:30, 9:30 na dare ya koma 21:30, ba sauran ruɗani. Amma in tsohon ya saba duba lokaci a wayar kuma 19:30 zai rikita shi, to bar masa yadda yake, kai dai ka tuna AM safe ne PM yamma da dare.

Buɗe Clock, taɓa Alarm, sai ka danna alamar + ɗin nan. Sa 08:00. Kar ka yi saurin danna Save, don abin da ya kawo mu yana ƙasa kaɗan, wato Repeat. In ba ka taɓa shi ba alam ɗin sau ɗaya zai yi ƙara gobe da safe ya kashe kansa, jibi shiru, kai kuma kana can kana ganin ka gama aiki. A wasu wayoyin kana taɓa Repeat za ka ga Every day ko Daily ka zaɓa, a wasu kuma haruffa bakwai ne a jere, S M T W T F S, sai ka taɓa kowanne har duka bakwai ɗin su canza kala. Kula da Weekdays ko Monday to Friday, wannan na ma'aikata ne, yana tsallake Asabar da Lahadi, hawan jini kuwa ba ya hutun ƙarshen mako.

Daga nan sai Label, a Samsung kuma Alarm name suke ce masa. Nan za ka rubuta abin da zai fito a fuskar wayar in tana ƙara. Rubuta shi gajere da Hausa, kuma ka sa adadin ƙwaya, don wanda ke kusa ko jika ne ya iya ƙirgawa a tafin hannu. Ga yadda ukun za su kasance:

```
08:00  SAFE - kwaya 4 - a ci abinci
19:30  TUWON DARE - kwaya 1
21:30  KWANCIYA - kwaya 1
```

Ban sa sunan maganin a ciki ba da gangan. Hajiya ba ta san shi da amlodipine ba, ta san shi da ɗan farin nan ƙarami, kuma kamfani na canzawa, wannan watan fari wata mai zuwa a ba ka mai wata kalar daban. Sunaye su zauna a takarda.

Sai sauti. Kar ka bar shi iri ɗaya da na kiran waya, za ta ɗauka tana ta sallama ba wanda ya amsa. Abin da ya fi aiki, musamman ga tsohon da ba ya karatun boko, shi ne muryar mutum. Buɗe manhajar ɗaukar murya ta wayar, Sound Recorder ko Voice Recorder, ka sa wani jikan da take ji da shi ya faɗa da ƙarfi a hankali, Hajiya lokacin maganin safe ya yi, a ci abinci tukuna. Ya maimaita sau biyu ko uku. Ka yi na dare ma daban. Sannan a cikin alam ɗin ka taɓa Ringtone ko Alarm sound, ka nemi inda ake zaɓo sauti daga cikin wayar, wasu sun rubuta Add new wasu On this device wasu alamar + ce kawai, ka zaɓo muryar. In ba ta fito ba, shiga File Manager ka kwashe fayil ɗin ka kai shi folda mai suna Alarms ko Ringtones a ma'ajiyar wayar kanta, ba kan memori ba, don ranar da wani yaro ya zare memorin alam ɗin zai koma sautin kamfani. Kuma a gargaɗi masu goge kaya in waya ta cika kar su share fayil ɗin. Wasu na sa kiran sallah ko karatu a matsayin sautin, ni ban so, tsoho zai ɗauka lokacin sallah ne ya miƙe neman buta.

Snooze shi ne in an taɓa shi wayar ta yi shiru ta sake ƙara bayan 'yan mintuna. Bar shi a kunne ka sa minti 10, yana da amfani in alam ya yi ƙara abinci bai iso ba. Kunna Vibrate ma. Yanzu danna Save, a wasu wayoyin alamar maki ce a sama. Koma ka yi na 19:30 da na 21:30 haka dai, kowanne ka tabbatar ka sa masa Repeat nasa don ba ya bin na farko. In ka gama duba jerin, ƙarƙashin kowane lokaci ya kamata ka ga Every day ko kwanaki bakwai a jere. In ka ga Tomorrow ko Once ko Ring once to ba ka sa maimaici ba, koma ka gyara.

Ƙarar alam daban take da ƙarar kira, mutane da yawa ba su san wannan ba. Kana iya ƙure ƙarar kira amma ta alam tana can ƙasa. Shiga Settings, Sound, ka ja Alarm volume har ƙarshe. A Samsung ƙarar tana cikin shi alam ɗin ne, wajen da ka zaɓi sauti. In akwai Do Not Disturb a kunne, shiga ka tabbatar an bar alam ya wuce.

To sai gwaji, kuma kar ka tsallake wannan. Sa wani alam na wucin gadi minti biyu gaba, kulle wayar, ajiye ta inda Hajiya ta saba ajiyewa, ƙarƙashin filo ne ko cikin jaka ko ƙullin zani, sannan ta je ta zauna inda take wuni a tsakar gida. Ta ji? In ba ta ji ba sai a canza wa wayar wurin zama. In ta ji, ita za ta kashe da hannunta kana kallo, ka nuna mata ina ne kashewa ina ne jinkirtawa, a maimaita har sai ta iya, saboda wasu wayoyin ja ake yi ba dannawa ba kuma yatsan tsoho in ya bushe da hunturu gilashin ba ya ji sosai. Sake gwadawa da wayar a kashe gaba ɗaya. Akwai wayoyin da ke kunna kansu su yi ƙara, akwai waɗanda ko motsi ba za su yi ba, gwajin ne zai nuna maka wacce ce a hannunka. In caji ya ƙare ƙaf kuwa ba wadda za ta yi. Don haka a ɗora wa mutum ɗaya a gidan alhakin caji, in an kawo wuta wayar Hajiya ce farko a soket, ko a saya mata ƙaramin fawa banki. In ƙaramar waya mai madannai gare ta ma ya yi, cajinta ya fi daɗewa, ita ma tana da Alarm da Repeat a cikin Menu, sai dai guraben alam ɗinta 'yan kaɗan ne kuma wasu ba su da wajen rubuta suna, sannan in batirin ya zame agogon kan koma baya sai an sake saitawa.

Ga inda alam ya gaza. Yana faɗin lokaci ya yi, amma bai san ko an sha ba. Hajiya ta kashe alam, baƙuwa ta yi sallama, aka shiga gaisawa, ƙarfe goma tana tambayar kanta shin na sha kuwa? In ta ce ta sha alhali ba ta sha ba an tsallake, in ta ƙara alhali ta sha an ninka, ninka maganin suga da na hawan jini kuwa ya fi tsallakewar hatsari. Maganin wannan shi ne ɗan akwatin roba mai gida-gida na mako guda da ake sayarwa a famasi, ka nemi mai gurbi uku ko huɗu a kowace rana. Ranar Juma'a ko duk ranar da ka zaɓa mutum ɗaya ya zauna ya zuba na sati, a misalinmu ƙwaya 42 kenan, 28 a gidajen safe, 7 na tuwon dare, 7 na kwanciya. In lissafi bai fito haka ba an yi kuskure wajen zubi. Daga nan duk mai shakka ya buɗe gidan ranar ya gani, in wayam ne an sha. Ka tambayi mai famasi ko akwai wanda ba a so a ɓare shi daga fakitinsa da wuri, in akwai sai a yanka shi da almakashi da rigarsa a saka. A ajiye akwatin inda yara ba sa kaiwa, ba cikin rana ba. Ƙa'idar da za a koya wa kowa a gidan ita ce ba a kashe alam sai ƙwaya na hannu, in ba a shirya ba a danna Snooze. In kuma an gano an tsallake har lokacin na gaba ya zo, ba a haɗa biyu a rama, a bi abin da mai famasi ya faɗa wanda ka rubuta a takarda.

Wani abu da ke faruwa a ɓoye, a cikin jerin alam kowanne na da ɗan makunni a gefe. In jika ya taɓa shi yana wasa da waya, alam ɗin ya mutu kenan har sai an kunna, ba na ranar kaɗai ba. Alamar da za a riƙa dubawa ita ce ɗan hoton agogo a can saman fuskar waya kusa da batir, in babu shi to ba alam ɗin da ke tafe. Ranar zuba magani a buɗe Clock a ga duka ukun a kunne suke. Kuma ka sa irin alam ɗin a wayar wani na gidan da tazarar minti 15, 08:15 da 19:45 da 21:45, aikinsa kawai ya leƙa akwatin.

Sai maganar azumi, don tsofaffinmu da yawa ba sa barin Litinin da Alhamis. Every day bai san da wannan ba, ƙarfe 8 na safiyar Litinin zai kira ta shan magani tana azumi. Kar ka gyara lokutan da ka, musamman glimepiride, a koma wa likita ya faɗi ko azumin ya dace da ita da kuma yadda za a raba maganin tsakanin sahur da buɗa baki. In ya tsara, sai ka cire Litinin da Alhamis daga alam ɗin safe ka buɗe wani sabo na ranakun biyu kaɗai a lokacin da ya ce. Lura da haruffan nan, T biyu ne, na farko Talata na biyu Alhamis, S ma biyu ne, in jerin ya fara da S to Lahadi ce ta ƙarshen kuma Asabar. Watan Ramadan ma haka, a ga likita tun cikin Sha'aban, a kashe na kullum a buɗe na azumi, ka kuma sa wa kanka tunatarwa ta mayar da su bayan sallah. Kowa a gidan ya san alamun faɗuwar suga, rawar jiki, zufa, jiri, yunwa mai tsanani, magana ta fara rikicewa. In tana hayyacinta tana iya haɗiya a dama suga cokalin shayi uku zuwa huɗu a ruwa ta sha sannan ta ci abinci, in ba ta hayyacinta kar a ɗura mata komai a baki, asibiti kai tsaye.

Haruffan ranakun nan suna da wani amfanin. Akwai magungunan da sau ɗaya a sati ake sha, kamar methotrexate na wasu masu ciwon gaɓoɓi, shan shi kullum guba ne da kan iya kisa. Irin wannan alam ɗinsa daban, rana ɗaya tak za ka taɓa a Repeat, sautinsa daban, kuma kar ya shiga akwatin na kullum.

Na ƙarshe ranar sayo magani. Wannan ba aikin Clock ba ne don shi a sati yake zagaye, Calendar za ka buɗe a taka wayar. In an ba da na kwana 30, wato metformin 60 sauran kowanne 30, ƙirga ranar da zai ƙare ka ja baya da kwana biyar ka sa tunatarwa a nan, da ranar komawa asibiti ita ma. Duk sanda aka dawo daga ganin likita a zauna da sabon katin da takardar nan a gwada, in an ƙara ko an cire magani a gyara adadin da ke Label a ranar, a sake ɗaukar muryar in ta ambaci adadi, a kuma fitar da tsohon maganin daga cikin akwatin kafin alam na gaba ya yi ƙara.